Mai shan sigari ya ce maka bai shirya dainawa ba, to sai me?

Kwanakin baya wani abu ya faru a gabana a ɗakin duba marasa lafiya, har yau bai bar raina ba. Wani bawan Allah ne ya zo awon hawan jini, direban babbar mota, shekararsa 46. Abokin aikina da ke duba shi ya ji warin taba a jikinsa, ya tambaye shi, mutumin bai ɓoye ba, ya ce eh yana sha, kuma gaskiya shi bai shirya dainawa ba yanzu.

Ai kuwa kamar jira ake. Nan take aka buɗe masa lakca, ciwon daji, huhu, zuciya, ka tausaya wa iyalinka, kai da kake da hawan jini, haka dai har kusan minti biyar ba a bar shi ya ce uffan ba. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana ta “to likita, to likita”, amma idonsa na kan ƙofa. Da ya fita aka rubuta a katinsa wai an ba shi shawara.

Abinda ya dame ni shine duk abinda abokin nawa ya faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma na tabbata mutumin nan bai fita da komai ba sai niyyar cewa wani zuwan in an tambaye shi zai ce ya daina, a wuce wurin.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Idan mai shan sigari ya ce maka bai shirya ba, aikinka a ranar ba shawo kansa ba ne. Aikinka ka yi masa tambayoyin da za su sa dalilan dainawa su fito daga bakinsa shi da kansa, kai kuma ka iya yin shiru ka saurara. Wanda ya ji kansa yana faɗin abinda sigari ke yi masa ya fi kusa da dainawa a kan wanda ya ji ka kana faɗa.

Wannan salon ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, William Miller, shi ya fara rubuta shi a 1983 a kan masu matsalar shan barasa, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa shi a 1991. Da Hausa ni hirar zaburarwa nake ce masa. Tushensa abu ɗaya ne, mai shan sigari zuciyarsa biyu ce, wani ɓangare yana son sha wani yana son bari. Duk lokacin da ka ɗauki ɓangaren bari ka riƙe da ƙarfi, to shi dole ya ɗauki ɗayan ya kare, sai ka ji yana “ai kakana ya sha har ya shekara 90”. Kuma duk sanda ya kare sigarin da bakinsa, ƙara ɗaure kansa yake.

Da ya dawo

Bayan sati huɗu direban nan ya dawo awo, wannan karon ni ya samu. Jininsa 152 bisa 96 duk da yana shan magani. Da muka gama maganar magani sai na ce, “Malam, in ba damuwa ina so mu ɗan taɓa maganar sigari, ba cewa zan yi ka daina ba, so nake na fahimci yadda abin yake a wurinka. Ka yarda?”

Ya ɗan kalle ni, ya ce to.

Neman izinin nan kar a raina shi. Mutumin da ya shigo da shirin cewa za a yi masa faɗa, da zarar ya ji an ce ba za a tilasta shi ba sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Kuma in ya ce a'a yau ba ya so, to ka bari, ka ce ƙofa a buɗe take wani zuwan. Idan ka nemi izini ya hana kuma ka ci gaba, ka nuna masa izinin na baka ne kawai, ba zai ƙara yarda da kai ba.

Tambayata ta farko ita ce, “Me kake samu a cikin sigarin? Wane amfani take maka?”

Ya yi dariya, ya ce tunda yake ba wani ma'aikacin asibiti da ya taɓa tambayarsa haka. Sai ya fara bayani, tuƙin dare ne, ita ke hana shi gyangyaɗi, in ransa ya ɓaci a hanya ita ke sauko da shi, sannan in an tsaya hutu da sauran direbobi kowa da kara a hannu, wanda ba ya sha ma kamar baƙo yake a cikinsu.

Ban ce masa ai ba gaskiya ba ne. Na maimaita masa abinda na ji da nawa kalmomin, na ce “Kenan ita ce abokiyar tafiyarka, tana riƙe maka ido da dare, kuma ita ke haɗa ka da abokan aiki.” Ya ce wallahi haka ne.

Sai a sannan na juya, “To ta ɗayan ɓangaren fa, akwai abinda ba ka so game da ita?”

Ya yi shiru na ɗan lokaci. Shirun nan yana da nauyi, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa, mu yi sauri mu cike shi da namu bayanin. Na daure. Can sai ya ce tari da asuba yana damunsa, kuma yanzu in ya hau saman mota ɗaure kaya sai ya tsaya ya huta, da can ba haka yake ba. Sai ya ƙara da wani abu da ba zan taɓa iya hasashensa ba ko da zan kwana ina lakca, ya ce rannan ya shiga gida ya tarar da ƙaramin ɗansa mai shekara 6 ya sa biro a baki yana zuƙa yana hura iska sama, yana kwaikwayonsa, yaran gidan suna dariya, shi kuma ya kasa dariyar.

Wannan ita ce maganar da nake nema. Masu wannan fanni suna ce mata maganar canji, wato duk wata kalma da ta fito daga bakin mutum da ke nuna yana so, ko zai iya, ko yana da dalili, ko yana jin ya kamata ya canza. In ka ji ta kar ka wuce ta. Na ce, “Ba ni labari, me ka ji a ranka lokacin da ka gan shi?” Ya ce ji ya yi kamar shi ya sa masa a baki da hannunsa.

Ma'aunin 0 zuwa 10, da inda ake ɓata shi

Daga nan na ce, “In aka ce 0 shine dainawa ba ta dame ka ba sam, 10 kuma ita ce abu mafi muhimmanci a wurinka yanzu, kai kana ina?”

Ya ce 4.

To a nan ne duk aikin yake, domin tambayar da ke biyo baya ita ke gyara hirar ko ta rusa ta. Abinda baki ya saba fitarwa shine “haba Malam, me ya sa 4 kawai, me ya hana 8?” Duba abinda wannan tambayar ke nema, tana neman ya lissafo maka dalilan da suka sa dainawa ba ta da muhimmanci, kuma zai lissafo su tsaf, da bakinsa, a gabanka. Kai ka sa shi.

Ƙasa ake tambaya. Na ce, “Me ya sa ka ce 4, ba ka ce 1 ba?” Babu yadda za a amsa wannan sai da dalilin dainawa. Ya ce saboda yaron nan, kuma mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin ya rasu, shi ya yi jinyarsa, ba ya so 'ya'yansa su yi irin wannan jinyar. Ka ga maganar shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ta shigo, kuma ba ni na kawo ta ba.

Bayan haka za ka iya hawa sama kaɗan amma ta wata hanyar, “Me zai faru da zai sa 4 ɗinnan ta koma 6?” Mataki biyu kawai, ba tsalle zuwa 10 ba.

Sannan akwai ma'auni na biyu da mutane ke mantawa da shi, kuma a ganina ya fi na farko tona asirin inda matsalar take. “Da a ce yau ka yanke shawarar bari, daga 0 zuwa 10, yaya kake ganin za ka iya?” Ya ce 2.

Wannan 2 ɗin ta canza min fahimtar mutumin gaba ɗaya. Ashe “ban shirya ba” ɗin da ya faɗa wata guda baya ba wai bai damu ba ne, tsoro ne, yana ganin ba zai iya ba. Mutum biyu za su iya faɗa maka kalma ɗaya, “ban shirya ba”, ɗaya bai ga dalili ba, ɗaya ya ga dalilin sarai amma ya taɓa gwadawa ya sha wuya. Na farko hira a kan abinda ya dame shi yake buƙata. Na biyun in ka ƙara masa bayanin illa, tsoro ka ƙara wa mai tsoro, kuma mai shan sigari in ya tsorata abinda yake fara nema a aljihu kowa ya sani.

Sai na tambaye shi, “Ka taɓa bari, ko na kwana ɗaya ne?” Ya ce shekara uku baya ya yi kwana 9 bai sha ba, sai ya koma, shi ya sa ya san ba zai iya ba. Ban tambaye shi me ya sa ya koma ba tukuna. Na ce, “Kwana 9. Yaya aka yi ka wuce kwana ukun farko?” Domin wahalar rashin nikotin, sinadarin taba da ke kama jiki, irin su ƙunci, saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, a cikin satin farko take kai ƙololuwa, musamman kwana na biyu da na uku, sannan ta riƙa sauka a hankali cikin sati biyu zuwa huɗu. Mutumin da ya yi kwana 9 ba tare da wani magani ba ya riga ya haye mafi tsananin wurin, shi dai ba wanda ya taɓa faɗa masa. Shi a lissafinsa faɗuwa ya yi. Ya ce lokacin yana hutu ne a gida, ya ba matarsa kwalin ta ɓoye, kuma ranar da ya koma tuƙin dare ranar ya kunna.

Ka ga yanzu mun san takamaiman inda ramin yake, tuƙin dare. Ba rashin ƙarfin zuciya ba ne kamar yadda yake zargin kansa.

Na ƙara tambaya biyu gajeru, kara nawa a rana, kuma in ya farka minti nawa kafin ya kunna ta farko. Ya ce kamar 15, ta farkon kuwa kafin ma ya sauko daga gado. Tambaya ta biyun nan ta fi ta farko faɗin gaskiya. Nikotin yana raguwa da rabi a jini cikin kamar awa biyu, shi ya sa mai sha yake farkawa jikinsa babu shi. Wanda ya kunna cikin minti 30 da farkawa jikinsa ya kamu sosai, wanda ya kunna cikin minti 5 kuwa ya kai matuƙa, kuma irinsu ne suka fi cin moriyar magani in sun tashi bari.

“Wannan ai lallaɓa ce, aikinmu mu faɗi gaskiya”

Wannan ita ce suka ta farko da nake ji daga abokan aiki, kuma ban raina ta ba. Sigari tana kashe har kusan rabin masu shanta da ba su daina ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Wanda ya san haka ya ga mai hawan jini yana zuƙa, dole ransa ya tashi.

Amma ba wanda ya ce a ɓoye gaskiya. Maganar ita ce yaushe kuma ta yaya. Tsarin da nake bi shine na tambaya, na faɗa, na sake tambaya. Na ce wa direban, “Me ka sani game da sigari da hawan jini?” Ya ce ya san tana ɓata huhu, amma jini bai san da wata alaƙa ba. Na ce, “Ka yarda na faɗa maka abinda muka sani?” Ya ce faɗi. Na ce masa kowace kara tana ɗaga jini tana sa zuciya bugawa da sauri na ɗan lokaci, hayaƙin kuma yana lalata bangon jijiyoyin jini yana sa jini saurin daskarewa, to in aka haɗa da hawan jini haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ƙaruwa yake sosai, kuma a matsayina na mai duba shi babu wani abu guda da zai yi wa lafiyarsa da ya kai barin sigari. Na ƙara da cewa wanda ya bari, cikin kamar shekara ɗaya ƙarin haɗarin ciwon zuciyar nan yana raguwa da kusan rabi. Jimla huɗu ko biyar, na tsaya. Sai na ce, “Yaya ka ji wannan?”

Ya ce, “Kenan abin Baba zai iya samuna.” Gaskiyar da abokina ya faɗa masa ce dai wata guda baya, ba a rage komai ba, bambancin kawai wannan karon shi ya buɗe ƙofa kafin ta shigo.

“Tambayarsa daɗin sigari ba ƙarfafa masa gwiwa ba ne?”

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma su kansu masu koyar da salon suna gargaɗi a kai. In ka zauna kana ta tono amfanin sigari, kana ƙara tambaya a kai, to maganar zama a kan sha kake ciyarwa. Ni sau ɗaya nake tambaya, da dalili biyu, ya san ba faɗa na zo yi ba, ni kuma na san aikin da sigarin ke yi masa, domin duk ranar da ya tashi bari sai an samo abinda zai maye wannan aikin. In ban san tuƙin dare ne matsalar direban ba, wace shawara zan ba shi da za ta yi aiki? Amma bayan na ji na maimaita masa sau ɗaya, ba na komawa. Inda nake dadewa shine ɗayan ɓangaren, yaron da biro, hawa saman mota, jinyar mahaifinsa.

“Ina lokacin yake?”

Wannan kam ba ni da cikakkiyar amsa mai daɗi. Layi yana da tsawo, kowa ya sani. Hirata da direban ta ci kamar minti 8, kuma ba kullum ake samun minti 8 ba. Amma lakcar da aka yi masa ta ci kusan 5, ba a samu komai ba. In minti biyu gare ka, nemi izini, yi tambayar ma'auni, tambayi me ya sa bai ce ƙasa da haka ba, maimaita masa amsarsa, rubuta lambar a kati. Wani zuwan ka ɗora daga nan, “Wancan karon ka ce 4, yau fa?” Shi ya sa a jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na wanda bai shirya ba, bayan an tattauna abinda ya shafe shi, da haɗari, da riba, da abinda ke tare masa hanya, abu na biyar shine maimaitawa a kowane zuwa. Ba a gina abin don a gama a zama ɗaya ba.

Wani kuma zai ce marasa lafiya sun saba a faɗa musu ne, in kana ta tambaya za su ɗauka ba ka san aikinka ba. Yana faruwa, musamman da dattawa, wani zai ce “ai ku ne masana, ku faɗa.” In ya ce haka, faɗa masa ra'ayinka kai tsaye a jimla ɗaya, sannan ka ce “amma Baba kai ka san rayuwarka, ni ban san ta ba, me kake ganin zai fi ba ka wuya?” Ban taɓa ganin wanda ya ƙi amsa wannan ba.

Yadda za ka gane hirar ta karkace

Akwai tambayoyin da sunansu kawai tambaya amma faɗa ne aka sa wa alamar tambaya. “Ba ka san tana kisa ba?” “Ba ka tausayin yaranka?” “Yaushe za ka daina?” Duk wanda aka yi wa waɗannan ya san ba amsarsa ake so ba. Haka ma “me ya sa kake sha?”, a kunne tana sauka kamar tuhuma, alhali “me kake samu a ciki?” abu ɗaya take nema kuma ba ta sa mutum ya tashi kare kai.

Kuskure na biyu, jero tambayoyi ba numfashi, ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan sanda. Ko da tambayoyin masu kyau ne, in ba ka tsaya kana maimaita masa abinda ya faɗa ba, sai ya koma amsa da kalma ɗaiɗai. Ni ƙa'idata bayan kowace tambaya sai na mayar masa da abinda na ji aƙalla sau ɗaya kafin na sake wata.

Na ukun shi ya fi kama masu kyakkyawar niyya. Mutum ya ɗan ce “gaskiya ya kamata na bari”, sai murna ta ɗebe ka, ka zaro takarda, to wace rana za mu sa, ga magani, ga kaza. Sai ka ga ya ja baya, “eh amma ba yanzu ba.” Ka riga shi gaba ne. “Ya kamata” daban, “zan yi” daban, tsakaninsu akwai tafiya.

Alamomin a fili suke in kana kallo. Ya fara “eh amma”, ko amsoshinsa sun gajarce, ko ya koma “to likita” ga duk abinda ka ce, ko ka lura muryarka ce ta fi yawa a ɗakin. In ka ga haka kar ka ƙara matsawa, ja baya ka ce, “Kamar na yi gaba na bar ka. Shawarar nan taka ce, ba mai yanke maka ita.” Abin mamaki sau da yawa daga nan ne mutum yake dawowa da kansa ya ce ai ba wai ba ya so ba ne.

Shin yana aiki kuwa?

Ba zan yi wa salon nan ƙarin gishiri ba. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 37 da suka shafi masu shan sigari sama da 15,000, kuma ba su samu hujja mai ƙarfi da ke nuna hirar zaburarwa ta fi sauran hanyoyin taimako sa mutane su daina ba. Duk mai cewa wannan salon maganin komai ne ya wuce abinda aka tabbatar. Abinda ke da hujja mai ƙarfi shine magungunan dainawa, irin su nikotin na mannawa a fata ko na taunawa, da bareniklin, musamman in an haɗa da tallafi da bibiya.

To me ya sa nake kare shi? Saboda maganin ba ya amfanar wanda bai karɓa ba, kuma wanda aka kora da faɗa ba ya dawowa ya tambaya, ko ya dawo ya ce ya daina alhali bai daina ba. Tambayoyin nan su ke riƙe mutum a cikin hirar har ranar da zai ce a ba shi. Shi ya sa ko wanda ya ce bai shirya ba ina sanar da shi cewa maganin yana nan. Direban bai taɓa jin akwai wani abu da ke rage wahalar kwanakin farko ba, kuma ga mai 2 a ma'aunin iyawa wannan labarin ya fi masa duk wani bayanin ciwon daji amfani.

Akwai kuma inda ba a tsayawa doguwar hira. Mai tari da jini, ko tarin da ya wuce sati biyu zuwa uku, ko rama ba dalili, ko ciwon ƙirji, bincike yake buƙata yau, maganar ma'auni ta biyo baya. Mai juna biyu, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, da wanda za a yi wa tiyata, su ma lokaci ba ya jiransu, sai a faɗa musu a fili cewa yanzu ne, a miƙa taimako a ranar. Ko a nan ɗin ma tambayar “me zai fi ba ki wuya?” ta fi “dole ki daina” buɗe baki.

Kafin direban ya tashi na tattara masa abinda ya faɗa, da kalmominsa. Na ce, “Bari na ga ko na fahimce ka. Sigari tana riƙe ka a tuƙin dare kuma ba ka ga yadda za ka yi ba tare da ita ba. A gefe guda tarin asuba da gajiyar nan suna damunka, ba ka son abinda ka gani a wurin yaronka, kuma ba ka so a yi jinyarka irin ta mahaifinka. Ka taɓa yin kwana 9 da ƙarfinka. To yanzu me kake ganin za ka yi?” Da gangan na sa ɓangaren sha a farko, ɓangaren bari a ƙarshe, saboda abinda kunne ya ji ƙarshe shi baki ke ɗorawa a kai.

Bai ce zai daina ba. Ya ce daga yau ba zai ƙara kunnawa a cikin gida ba ko a gaban yaran, kuma yana so wani zuwan na yi masa bayanin na mannawar nan, ko ana iya tuƙi da shi. Na ce ana iya, kuma za mu zauna a kai. Na kuma faɗa masa gaskiya cewa fitar da hayaƙin daga gida zai kare yaran, amma shi kansa ragewa ba ta kare zuciyarsa yadda yake zato, domin ko kara ɗaya a rana tana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20, don haka inda muka dosa shine bari gaba ɗaya, a ranar da shi ya zaɓa. Ya gyaɗa kai, ya ce a bar shi ya fara da wannan.

A katinsa na rubuta: muhimmanci 4, iyawa 2, kara 15, ta farko cikin minti 5, ya taɓa kwana 9, tuƙin dare ne ke mayar da shi, ya nemi bayanin magani. Zai dawo awo nan da sati huɗu, kuma duk wanda ya same shi a cikinmu daga nan zai ɗora.